Yadda ake hayayyafa agada a cikin kwalba, daga ƙwayar tsiro zuwa shukar da za ta iya zama a gona

Agada ba ta yin iri. Kwayoyin gadonta jeri uku ne maimakon biyu, shi ya sa 'ya'yanta ke fitowa ba ƙwallo a ciki, kuma shi ya sa duk mai son sabuwar gona dole ya nemi 'ya'yan gindi, wato tohon da ke fitowa a gefen uwa. Uwa ɗaya ba ta ba da fiye da 'yan kaɗan a shekara, sau da yawa biyar zuwa goma, kuma kowane ɗa yana tahowa da abin da ke damun uwarsa: tsutsar ƙwaron da ke huda gindi, nematod, wato ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke cin saiwa, wani lokacin har da bairas. Hayayyafa a cikin kwalba hanya ce ta ɗaukar ƙwayar tsiro guda, a raba ta da ƙasa da ƙwari, a sa ta yi ta haihuwar tsirrai a kan abinci mara ƙwayar cuta har su kai ɗaruruwa. A Najeriya cibiyar IITA ta daɗe tana wannan aiki, a Ibadan da kuma tasharta ta Onne a Jihar Ribas, inda aka yi bincike mai yawa a kan agadar Agbagba, wadda ita ce za mu bi a nan.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, a wannan aiki kuskure ba ya bayyana ranar da aka yi shi. Wankin da bai yi ba yana fitowa bayan mako guda. Bakteriyar da ta ɓuya a cikin tsoka tana iya jira wata biyu ko uku. Sinadarin da aka cika yawa kuwa, sai manomi ya shekara yana ban ruwa da taki kafin ya ga nonon da ba irin wanda ya saya ba. Kusan duk ƙa'idojin ɗakin gwajin an gina su ne a kan wannan jinkiri.

Zaɓen uwa da fere ɗan gindi

Kwalba ba ta gyara iri, kwafinsa take yi. Don haka ana zaɓen uwa ne lokacin da take ɗauke da nono, a ga siffar 'ya'yanta da ido, a tabbata Agbagba ce ta ainihi: manyan 'ya'ya, layuka kaɗan, kuma furen namijin da ke rataye a ƙasan nono yana bushewa ya ɓace kafin 'ya'yan su ƙosa. A duba ganye ko akwai zane-zanen rawaya da ke bin jijiyoyi, ko ganyen da suka cunkushe a sama suka ƙi buɗewa. Wannan na biyun alamar bairas ɗin da ke dunƙule kan ayaba ne, wanda aka tabbatar da shigowarsa Jihar Ogun, kuma ɗan ƙwaron da ke tsotsar ruwan ayaba ne ke yaɗa shi. Ido kaɗai ba ya isa, domin uwa na iya ɗauke da bairas ba alama. Ɗakin gwajin da ya san abin da yake yi yana aika ganyen uwa a yi masa gwajin gano bairas na PCR ko ELISA kafin ya ɓata wata goma a kanta.

Ɗan da ake so shi ne mai siraran ganye masu tsini, wanda gindinsa ya yi kauri, tsayinsa kamar santimita 40 zuwa 100. Mai faɗin ganye tun yana ƙarami ba shi da ƙarfin gindi, a bar shi. Ana haƙo shi da kututturensa, a yanke saiwoyi, a fere fatar waje da wuƙa har fari ya bayyana. Idan aka ga ramuka baƙaƙe na tsutsa sun shiga ciki sosai, ko jan ruɓa, a jefar. Daga nan a yi ta ɓare kubben ganye ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare albasa, ana rage kututturen ta ƙasa da gefe, har a sami ɗan gunduwa mai faɗin santimita 2 zuwa 3 da tsayin kamar santimita 4 zuwa 5. Ƙwayar tsiron tana tsakiya, daidai inda kututture ya haɗu da kubben ganye. Duk wannan a waje ake yinsa, kusa da famfo, domin ƙasa ba ta da hurumin shiga ɗakin aiki. Kuma ɗan da aka haƙo yau, yau ko gobe za a yi aikinsa. Wanda ya kwana uku a buhu cikin zafi ya riga ya fara ruɓa a ciki. 'Ya'yan da aka haƙo da rani sun fi na tsakiyar damina tsabta, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi yawan ƙwayoyin cuta.

Wanki

Ana wanke gunduwoyin da ruwan famfo mai gudu da ɗan sabulun ruwa na kamar minti 20 zuwa 30. Sauran aikin yana komawa cikin akwatin iska mai tacewa, wanda ma'aikata ke kira lamina. Ana kunna shi minti 15 zuwa 30 kafin a fara, a goge cikinsa da itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari.

Gunduwa tana shiga itanol kashi 70 na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan ta shiga ruwan bilic mai ƙarfin kashi 1.5 zuwa 2 na minti 15 zuwa 20, ana girgizawa lokaci-lokaci. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da lissafi. Bilicin kasuwa da aka rubuta kashi 3.5 a jikinsa, idan ana son mililita 200 na kashi 1.5, za a auna mililita 86 na bilic a cika da ruwa mililita 114. Ana ɗiga ɗigo biyu ko uku na Tuwin 20, ko sabulun ruwa idan babu, don ruwan ya ratsa lungunan kubbe maimakon ya zame a kai. Bilicin da aka buɗe ya daɗe a wuri mai zafi ƙarfinsa ya ragu ko da rubutun jikinsa bai canja ba, kuma wannan kaɗai yana iya jawo asarar rabin kwalabe. Bayan bilic sai ɗauraya sau uku ko huɗu da ruwan da aka dafa a otokilab, wato tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da matsattsen tururi.

Bilic yana kashe duk tsokar da ya taɓa, za a ga gefen ya yi fari fat ya yi laushi. Dalilin da ya sa aka bar gunduwar da girma ke nan. Yanzu a kan takarda ko faranti mai tsabta, da hantsaki da askar tiyata da aka tsoma a itanol aka ƙona aka bari suka huce, ana yanke wannan mataccen gefe, a ƙara cire kubbe, har a sami ɗan yanki mai girman milimita 5 zuwa 10: ƙwayar tsiro, 'yan ganyen farko biyu ko uku da suka lulluɓe ta, da ɗan kututture a ƙasa.

Girman nan sulhu ne tsakanin abu biyu. Babban yanki yana rayuwa da sauƙi, yana tsirowa da wuri, amma yana shigo da bakteriya kuma yana yin baƙi sosai. Ƙaramin yanki ya fi tsabta amma yana jinkiri, da yawa ma suna mutuwa. Idan manufar ita ce raba shuka da bairas, ana sauka har ƙasa da milimita ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma wannan wani aiki ne daban mai yawan asara. Yankin milimita 10 ba ya cire bairas, duk wanda ya ce shukar kwalba ba ta da cuta don kawai daga kwalba ta fito, bai faɗi daidai ba.

Abincin kwalba

Kusan kowa yana amfani da haɗin gishirin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962, wanda ake kira MS. Ana sayar da shi a gari haɗe da bitamin, kuma giram 4.4 ake sa wa lita ɗaya. A ƙara sukari giram 30, domin tsiron da ke cikin kwalba ba ya iya haɗa wa kansa isasshen abinci da haske. Sukarin shayi fari yana aiki a matakin kasuwanci, kuma yana rage kuɗi sosai. Sai sinadarin da ke sa tsiro haihuwa, BAP, da ɗan IAA kaɗan, wani sinadarin da ke taimaka wa girman tsiro. A matakin farko miligiram 2.25 na BAP da miligiram 0.175 na IAA a lita ɗaya sanannen haɗi ne. Tunda ba a iya auna irin wannan ƙanƙanin nauyi kullum, ana narka miligiram 100 na BAP da 'yan ɗigon ruwan sodar NaOH, a cika da ruwa zuwa mililita 100, a ajiye a firji. Kowace mililita ɗaya daga ciki miligiram ɗaya ce.

Ana daidaita pH, wato ma'aunin tsamin abincin, zuwa 5.8 kafin a sa abin daskarwa. Idan ya yi ƙasa da yawa abincin ba zai daskare ba, idan ya yi sama wasu gishirin, musamman ƙarfe, suna fita daga ruwa tsiro ya kasa shan su. Abin daskarwa ko dai garin da ake kira aga giram 7 zuwa 8, ko wanda ake kira Jelrait giram 2 zuwa 2.5, a lita ɗaya. A matakin farko Jelrait ya fi, saboda garau yake kamar ruwa, ana ganin bakteriya tun tana ɗan hazo, alhali aga mai duhu-duhu yana ɓoye ta. Ana zuba mililita 20 zuwa 30 a kowace kwalba, lita ɗaya ta ba da kwalabe 33 zuwa 50, a dafa a otokilab a digiri 121 na ma'aunin Salshiyas na minti 15 zuwa 20. Babbar tukunyar firesha tana yin aikin, muddin an bar iska ta fita tururi ya cika ta kafin a fara ƙirga lokaci. Abincin da ya fito ruwan kasa an dafa shi ya wuce kima, sukarin ya ƙone, kuma tsiro ba ya jin daɗinsa. Yana da kyau a ajiye kwalaben kwana uku zuwa biyar kafin a yi amfani da su, duk wadda dafuwarta ba ta yi ba za ta nuna kanta ba tare da ta ci tsiro ba.

A matakin farko yanki ɗaya ake sa wa kwalba ɗaya, kuma kowace kwalba tana ɗauke da lambar uwar da aka ciro ta. Wannan lamba za ta bi duk zuriyar yankin har gona. Ɗakin reno yana kan digiri 26 zuwa 28, da haske na awa 16 a rana daga fitilun fuloresan ko LED. A garuruwan da zafin bazara ke wuce digiri 40, awa kaɗan ba wuta ba na'urar sanyaya ɗaki sun isa su dafa kwalabe a kan kanta, don haka lissafin lantarki yana zuwa kafin lissafin sinadarai.

Baƙi da ruɓa

Cikin kwana biyu ko uku yankin zai fara yin baƙi a inda aka yanka, baƙin kuma ya malala cikin abinci. Wannan ba cuta ba ce. Tsokar da aka ji wa rauni tana fitar da sinadaran finol, iska ta taɓa su su yi baƙi, irin wanda ke ɓata wuƙa da tufafin mai sare ayaba. Agada ta fi ayabar ci yin haka nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce baƙin yana zama ɓawo a gindin yankin ya hana shi shan abinci, kuma abin da ya malala guba ne gare shi. Maganin da ya fi aiki shi ne sauya kwalba da wuri, bayan mako ɗaya ko biyu, ana kankare baƙin ɓawon da aska har fari ya fito. Ana taimakawa da askobik asid, wato bitamin C, daga miligiram 10 har zuwa 100 a lita, ko a jiƙa yankin a ruwan askobik da sitirik asid kafin a dasa. Zafin otokilab yana lalata wani ɓangare na askobik asid, shi ya sa masu matatar maikuron 0.22 ke tace shi su zuba bayan abinci ya ɗan huce. Ajiye sababbin kwalabe a duhu na makon farko shi ma yana rage baƙin.

Ruɓa kuwa kala biyu ce, kuma inda ta fito yana gaya maka mai laifi. Funfuna tana bayyana cikin kwana uku zuwa bakwai, fara ko kore ko baƙa, mai gashi-gashi. Idan daga jikin yankin ta taso, wanki ne bai yi ba. Idan ta fito a gefe nesa da yankin, daga iska ce, ko hannun ma'aikaci, ko murfin da bai rufu ba. Idan kwalabe da yawa a kanta ɗaya suka kamu bayan sun yi makonni lafiya, a duba da madubi, sau da yawa ƙananan ƙwari ne da ido bai cika gani ba suke shiga ta ƙarƙashin murfi suna yawo da ƙwayoyin funfuna daga kwalba zuwa kwalba.

Bakteriya ta fi wuyar sha'ani. Wadda ke zaune a cikin jijiyoyin kututture bilic ba ya kai gare ta. Tana iya yin shiru har sauyin kwalba na biyu ko na uku, sannan ta fito kamar farin hazo ko yauƙi a kewayen gindi. A lokacin ta riga ta hau aska ta shiga wasu kwalabe. Wasu bakteriyar ma suna rayuwa a cikin itanol ɗin da ake tsoma kayan aiki, don haka ƙonawa ta gaske ake yi, kuma ana sauya aska da hantsaki tsakanin zuriya da zuriya. A nan lambar uwa take biyan kuɗinta: idan hazo ya fito a kwalabe uku kuma duk lambarsu ɗaya, zuriyar gaba ɗaya ake fitarwa, har da waɗanda suke kama da lafiyayyu. Zuba maganin kashe bakteriya a abinci yawanci danne ta yake yi kawai, ta dawo ranar da aka daina. Kwalbar da ta kamu kuwa ba a buɗe ta sai an dafa ta a otokilab.

Haihuwa, da inda ya kamata a tsaya

Bayan mako huɗu zuwa shida yankin da ya tsira ya kumbura, ya yi kore. Idan aka bar shi haka tsiro ɗaya zai yi ta tsawo, domin ƙwayar da ke sama tana danne idanun da ke gefe. Don haka ana yanke ganyen sama a bar kamar milimita 5 zuwa 10 a kan gindi, a tsaga shi biyu a tsaye ta tsakiyar ƙwayar, a dasa kowane rabi a abinci mai BAP miligiram 4 zuwa 5 a lita. Idanun gefe sai su farka su fito a dunƙule. Duk bayan mako huɗu ana fitar da dunƙulen, a kankare baƙi, a rage ganye, a raba shi zuwa ƙananan rukuni masu tsiro biyu ko uku, a dasa huɗu ko biyar a sabuwar kwalba. Rukuni yana haihuwa fiye da tsiro guda da aka ware shi kaɗai. Agada yawanci tana ninkuwa sau biyu zuwa huɗu a kowane sauyi, kuma sauyin farko da na biyu sun fi jinkiri.

A nan jarabawar take. Ƙara BAP yana ƙara yawan tsiro, kuma ƙara sauyi ɗaya yana ninka duk abin da ke ɗakin. Amma BAP da ya yi yawa yana taruwa a tsoka. Alamarsa ita ce dunƙulen fararen ƙulle-ƙulle da ba su da ganye, ko tsirrai masu kumburi da sheƙi da ake ganin haske ta cikinsu, masu karyewa da an taɓa. Waɗannan ruwa ne ya cika tsokarsu, ba sa yin saiwa da kyau, kuma suna mutuwa da an fitar da su. Idan aka gan su ana rage BAP zuwa rabi na sauyi ɗaya, a ɗan ƙara abin daskarwa, a sa murfin da ke barin iska kaɗan ta shiga.

Wanda ya fi wannan muni ba a ganinsa a kwalba. Rarrabuwar ƙwayoyin halitta cikin gaggawa na tsawon lokaci tana jawo canjin gado, a sami shukar da ta bambanta da uwarta. A Agbagba canjin da aka fi sani shi ne komawa siffar agadar da ake kira Faransa: nono mai 'ya'ya da yawa ƙanana, da furen namiji da ya ƙi faɗuwa. Akwai kuma wadanni, da masu ganye mai dabbare-dabbare ko mai lanƙwasa. Wasu ana gane su a gidan reno, amma canjin nono sai shuka ta yi fure, bayan manomi ya kashe kusan shekara. Shi ya sa ɗakunan gwaji masu kula suke tsayawa a sauyi na shida zuwa takwas, kuma ba sa barin yanki ɗaya ya haifi fiye da kamar dubu guda, sai su koma gona su ɗauko sababbin 'ya'ya. Mai sayen shuka yana da haƙƙin ya tambayi sauyi na nawa aka ciro abin da ake sayar masa.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da agada da danginta. Jeri ɗaya daga cikin kwayoyin gadonta uku ya fito ne daga wata ayabar daji, kuma a cikin wannan jeri akwai gadon bairas mai zana ganye, a kwance. Wahalar da tsoka ke sha a kwalba tana iya tayar da shi, sai a ga zane-zanen rawaya da ke komawa baƙi a ganyen shukar da uwarta ta ci gwaji lafiya. Wanki ba ya hana wannan, yanka ƙarami ma ba ya hanawa. Abin da ake iya yi shi ne rage yawan sauyi, da sake gwada samfuri daga kowace zuriya kafin a raba wa manoma.

Ga misali da lissafi don a ga yadda lambobin ke tafiya. A ce an fara da 'ya'yan Agbagba 20, shida suka tafi ga ruɓa da baƙi, saura 14. A ce kowane sauyi yana ninkawa sau 2.5, kuma ana asarar kashi 5 cikin ɗari a kowane sauyi. Bayan sauyi shida kowane yanki ya haifi kamar 180, jimla kusan 2,500. Idan kashi 90 suka yi saiwa, kashi 90 na waɗannan kuma suka tsira a gidan reno, za a ƙare da shuka kamar 2,000. Hekta ɗaya a tazarar mita 3 da mita 2 tana cin shuka 1,667, don haka an sami na hekta da ragowar cike gurbi, cikin wata goma zuwa goma sha ɗaya. Wanda yake buƙatar ninki biyu na wannan, ya fi masa ya fara da 'ya'ya 40 da ya ci gaba da tura 14 ɗin nan sauyi bayan sauyi, domin a hanya ta farko aiki ne ya ƙaru, a ta biyu haɗarin canjin gado ne.

Saiwa

Wannan mataki bai cika ba da wahala ba. Ana ware tsirrai ɗaya-ɗaya, waɗanda suka kai santimita 2 zuwa 3, ƙanana su koma haihuwa ko a jefar idan an kai iyakar sauyi. Abincin yanzu ba BAP, gishirin MS rabin ƙarfi ya isa, da sinadarin da ke sa saiwa fitowa, IBA ko NAA, kamar miligiram ɗaya a lita. Da yawa suna ƙara garin gawayi na musamman giram ɗaya ko biyu, wanda ke tsotse ragowar BAP da finol, ya kuma duhunta gindi. Cikin mako uku zuwa huɗu shukar ta kai santimita 5 zuwa 8, da ganye uku ko huɗu da fararen saiwoyi. NAA da ya yi yawa yana ba da gajerun saiwoyi masu kauri da ƙullutu a gindi, waɗanda ba sa kama ƙasa.

Fitowa duniya

Shukar da ta fito daga kwalba kore ce shar, amma ba ta san iska ba. Ta girma a inda laima ta kusa kashi 100, don haka kakin da ke rufe ganye siriri ne, ƙofofin numfashin ganyen kuma ba su iya rufewa da kyau ba. Ta saba da sukari a gindi da haske mai rauni. Idan aka ajiye ta a fili za ta yi yaushi cikin ƙasa da awa guda. Ganyen da ta fito da su ba za su gyaru sosai ba, aikinsu shi ne su riƙe ta har ta fitar da sababbi a waje, kuma duk dabarar gidan reno ta sayen wannan lokaci ce.

Ana fitar da su da safe ko da yamma, a wanke abincin da ya manne a saiwa tas a cikin kwano na ruwa, domin ɗan sukarin da ya rage kiran funfuna da tururuwa ne. A tsoma su a ruwan maganin funfuna mai sauƙi na 'yan mintuna, a jera su gwargwadon girma don manya kada su shanye wa ƙanana haske. Ƙasar dasawa tana buƙatar riƙe danshi ba tare da ta jiƙe ba: garin ɓawon kwakwa, ko ƙasar sama da aka turara a gauraye da yashi da ɓuntun shinkafa da aka babbake. Garin katako sabo yana ƙwace wa shuka naitirojin, ta yi rawaya, sai wanda ya ruɓe. Gindi kaɗai ake binnewa, idan ƙasa ta hau kan zuciyar ganye shukar ta ruɓe.

Mako ɗaya zuwa biyu na farko suna ƙarƙashin rumfar leda mai haske, laima sama da kashi 90, a cikin inuwar raga mai tare kashi 50 zuwa 75 na rana. Leda a rana kai tsaye tanda ce, za ta kashe su kafin azahar. Ana fesa ruwa a iska da ganye, amma ƙasa danshi kawai take so. Asarar da ta fi yawa a wannan mataki daga yawan ban ruwa take: gindi ya yi laushi ya yi ruwan kasa daidai bakin ƙasa, shuka ta kife. Yaushi da busasshen gefen ganye kuwa alamar an buɗe leda da wuri ne. Daga mako na biyu ana ɗaga gefen ledar awa ɗaya ko biyu a rana, ana ƙarawa a hankali har a cire ta a mako na uku ko na huɗu. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai dare kuma ya yi sanyi, wannan buɗewa tana bukatar ƙarin kwanaki, kuma girma yana tsayawa cik idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 15.

Sabon ganye na farko shi ne shaidar cewa saiwa ta kama. Daga nan ake fara taki mai ruwa-ruwa, kamar giram ɗaya a lita sau ɗaya a mako, sannan a mayar da su baƙar leda mai huji cike da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Suna yin mako shida zuwa takwas a nan, ana rage inuwa a hankali, har su kai santimita 20 zuwa 30 da ganye biyar ko shida. A wannan lokaci ne ake bin layi ana cire wadanni masu gajerun ganye masu kauri, da masu dabbare-dabbare, da masu zanen rawaya, ana rubuta lambar zuriyar kowanne. Idan zuriya ɗaya ta fi sauran yawan irin waɗannan, 'yan uwansu da suke kama da lafiyayyu ma abin zargi ne.

Shukar kwalba ba ta da kututture mai ajiyar abinci irin na ɗan gindi, don haka watanni uku na farko a gona ba ta jure fari ko ciyawa. Ana dasa ta bayan damina ta zauna ko inda akwai ban ruwa, a rami mai taki, a rufe gindi da ciyawa busasshiya. Kuma tsabtar da ta fito da ita ba rigakafi ba ce: idan aka sa ta a tsohuwar gonar agada mai nematod da ƙwaron gindi, za ta kamu, sau da yawa ma fiye da ɗan gindi saboda laushin saiwarta. Gonar da ta huta daga ayaba da agada na shekara ɗaya ko fiye ita ce wurinta.